Faifan Shata na 1973: ya zama na kowa ko da sauran lokaci?

Sani Mai Kyamara: Assalamu alaikum jama'a. Ina haɗa wani gajeren fim a kan direbobin manyan motoci na da, kuma ina son in sa waƙar marigayi Alhaji Mamman Shata a farkonsa, kamar minti 3. Ina da faifan garmahon a hannuna, na kawuna ne, a jikin takardar tsakiyarsa an buga ℗ 1973. An ce mini duk waƙar da ta wuce shekara 50 ta zama ta kowa. Gaskiya ne? Ba na son in gama aiki a zo a tsayar da ni.

Nura Mai Sauti: Wa alaikumus salam. Gaskiya ne mana. Doka shekara 50 ta ce. Ka ɗora 50 a kan 1973, ka ga 2023 ke nan. Sa abinka hankali kwance.

Barista Hadiza: Malam Sani, dakata tukuna. Lissafin Nura daidai ne, amma na abu ɗaya ne cikin abubuwa biyun da ke cikin faifan nan.

Akwai waƙar kanta, wato kalmomin da Shata ya shirya da karin da ya ɗora su a kai. Akwai kuma naɗin sautin, wato wannan rerawar ta ranar da aka kunna na'ura aka ɗauka, da bugun kalangun ranar da muryoyin 'yan amshin ranar. Doka ta ba kowanne nasa wa'adin, kuma sau da yawa masu su ma daban ne. Kamar fili ne da ginin da ke kansa: ana iya sakar maka ginin alhali filin yana hannun masu shi.

Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba naɗin sauti shekara 50 daga ƙarshen shekarar da aka fara fitar da shi ga jama'a. Saboda haka naɗin da ke kan faifanka ya fita daga hannun kamfani a ranar 1 ga Janairu 2024, matuƙar 1973 ɗin ce fitowarsa ta farko. Ita kuwa waƙar, ba a duba ranar da aka yi ta ko kaɗan. Ana duba ranar rasuwar mai ita ne, a ƙirga shekara 70 daga ƙarshen wannan shekarar. Shata ya rasu a 1999. Wa'adin waƙoƙinsa zai cika ranar 31 ga Disamba 2069. Kafin nan suna hannun magadansa, ko wanda aka sayar wa haƙƙin a rubuce.

Kai kuma ba yadda za ka yi ka kunna naɗin ba tare da waƙar ta fito ba. Izinin kamfani ne ya faɗi, na iyali yana nan.

Sani Mai Kyamara: Ikon Allah. 2069! Ranki ya daɗe, ko da waƙar da ya yi tun yana saurayi ce?

Barista Hadiza: Ko da ita ce. Ta farkonsa da ta ƙarshensa rana ɗaya za su fita. Shi ya sa mawaƙin da Allah ya yi wa tsawon rai, waƙar ƙuruciyarsa takan haura shekara 100 tana da mai ita. Ɗan Maraya Jos ya rasu a 2015, nasa sai ƙarshen 2085. Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, nasa sai ƙarshen 2061.

Bashir Funtuwa: Ni fa ban ga abin wahala a nan ba. Faifan na kawunsa ne, da kuɗinsa ya saya, ya bar wa ɗansa. Abin da ka gada ai naka ne. Wa zai hana mutum amfani da kayansa?

Malam Lawal Mai Kaset: Bashir, ba a kan faifan ake magana ba. Faifan nasa ne, in ya ga dama ya sayar, in ya ga dama ya kunna a ɗakinsa har allura ta cinye. Abin da bai saya ba shi ne ikon ya kwafe shi ya raba wa duniya. Mu da muka yi sana'ar kaset mun san wannan bambancin, ko da ba kowa ne ya kiyaye shi ba.

Nura Mai Sauti: To shi ke nan, ya rage. Ya sa daƙiƙa 30 kawai. Ƙasa da 30 ba ruwan kowa, kowane mai haɗa sauti ya san haka.

Barista Hadiza: Nura, wannan magana ta yaɗu ƙwarai amma ba ta cikin dokarmu. Babu adadin daƙiƙoƙin da aka yafe. Abin da doka ta yafe shi ne amfani cikin adalci don wasu dalilai, kamar nazari, ko sharhi a kan aikin, ko bayar da labari, kuma ana duba yawan abin da aka ɗiba da ko zai rage wa mai shi kasuwa. Da a ce fim ɗin Malam Sani a kan Shata ne, ya sa ɗa ɗaya na waƙar, wato baiti ɗaya, sannan wani masani ya zauna yana warware abin da ɗan ya ƙunsa, da yana da hujja mai ƙarfi. Amma ya sa ta don ta buɗe masa fim ta jawo hankalin mai kallo, wannan shi ne ainihin abin da ake biyan kuɗi a kansa.

Nura Mai Sauti: To in na samo masu kalangu da wani mai murya muka sake rera ta a situdiyona fa? Sautina ne, na'urata ce.

Barista Hadiza: Sabon naɗin zai zama naka, da nasa wa'adin na shekara 50. Amma waƙar da ka naɗa har yanzu ta Shata ce. Ka guje wa kamfanin da dama ba shi da sauran iko, ka koma gaban iyalin da dama su ne masu magana.

Malam Lawal Mai Kaset: Barista, Allah ya ƙara sani. Akwai abin da ya tsaya mini. Lokacin da na shiga sana'a a farkon shekarun 1980, abin da manyanmu suke faɗa shi ne faifai in ya shekara 20 ya fita. Ban taɓa jin 50 ba sai daga baya. Su ne ba su sani ba, ko doka ce ta sauya?

Barista Hadiza: Baba Lawal, manyanku sun san abin da suke faɗa. Dokar soja ta 1970 shekara 20 ta ba naɗin sauti, ta ba waƙa da rubutu shekara 25 bayan rasuwar mai su. Dokar 1988 ce ta ɗaga su zuwa 50 da 70, ta 2022 ta bar waɗannan adadin. Faifan Malam Sani bai shiga rigima ba, don a 1988 shekararsa 15, wa'adinsa bai ƙare ba aka tsawaita shi. Shata kuma yana raye a lokacin. Inda ake samun kai-komo shi ne ayyukan da wa'adinsu ya riga ya cika kafin 1988.

Malama Binta: Wannan ta taɓo ni kai tsaye. Ina koyar da Hausa a sakandare, kuma ɗalibaina sun sa wa wata waƙar Malam Sa'adu Zungur kari mai daɗi. Muna so mu naɗa mu fitar, har mu sayar don asusun ƙungiyar Hausa ta makaranta. Ya rasu a 1958. Ina muka tsaya?

Barista Hadiza: Rubutacciyar waƙa da waƙar baka wa'adinsu ɗaya. In kika bi dokar yau, 1958 da 70 ya ba ki ƙarshen 2028, ta zama ta kowa ranar 1 ga Janairu 2029. In kika bi ta 1970, shekara 25 sun cika tun ƙarshen 1983. Tambayar ita ce ko dokar 1988 ta maido da abin da ya riga ya fita. Dokar ta ce tana aiki a kan ayyukan da aka yi kafin zuwanta kamar yadda take aiki a kan na bayanta. Ni ina karanta wannan a matsayin ta haɗa da su, don haka nake ba da shawarar a ɗauki 2029.

Kabiru Ɗan Lauya: Yaya Hadiza, a nan ban bi ki ba. Abin da ya shiga hannun jama'a ya shiga. In majalisa ko gwamnati tana son ta ƙwace shi ta mayar wa wani, sai ta faɗa ɓaro-ɓaro, ba a cikin jimla mai fuska biyu ba. Ki duba mutumin da ya buga littafin waƙoƙin a 1985 da halaccinsa. Shekara 3 bayan nan sai a ce masa abin da yake sayarwa ya koma na wani? Ni ina ganin jimlar tana nufin ayyukan da suke da sauran wa'adi ne kawai.

Barista Hadiza: Hujjarka ba ta banza ba ce, Kabiru, kuma da a gaban alƙali muke zan so in ji yadda za a amsa ta. Amma Malama ba shari'a take nema ba. Tsakaninta da 2029 ɗan lokaci ne, kuma iyalin Malam Sa'adu ba ɓoyayyu ba ne a Bauci. Wasiƙa ɗaya daga makaranta ta fi mata sauƙi a kan ta zama ita za a gwada wannan tambaya a kanta. Rerawa a cikin aji don koyarwa kuwa, wannan ba ta da damuwa a kai. Sayarwar ce ke buƙatar izini.

Kabiru Ɗan Lauya: A kan shawarar na yarda. A kan fassarar ina nan a inda nake.

Malama Binta: Na gode muku duka. Zan rubuta wasiƙar, dama ya fi kyau iyalinsa su ji daga bakinmu.

Hajiya Rabi: Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma wannan ta shafi gidanmu. Mahaifina ɗan amshi ne na wani makaɗin fada, ya bi shi tun yana yaro har makaɗin ya rasu a shekarun 1980. Shi Baba ya rasu a 2008. Ba karɓi kawai yake yi ba. Akwai ɗiyan waƙa da dama da shi ya ƙaga su, ubangidan ya ɗora gindin waƙa su kuma su yi ƙari, wanda ya yi daɗi a riƙe shi. Ina ji da kunnena yana zaune a zaure da dare yana maimaita ɗa ɗaya, yana sauya kalma, yana buga cinyarsa da yatsu har ya zauna masa. Yau ana sa waƙoƙin nan a rediyo da waya, muryarsa tana fita tar, ba wanda ya taɓa tuntuɓar mu. Shin mu ba mu da komai a ciki?

Barista Hadiza: Allah ya jiƙan Baba, Hajiya. Hanya biyu ce, kuma nisansu ba ɗaya ba.

Ta farko, haƙƙinsa na wanda ya yi wasa, wato muryarsa da aka naɗa. Doka ta san da wannan, amma wa'adinsa shekara 50 ne, ba ya bin ranar rasuwa. Abin da aka naɗa a 1970 ya wuce. Abin da aka naɗa a 1982 yana da sauran lokaci har ƙarshen 2032.

Ta biyu ta fi nauyi. In har shi ya ƙagi wasu ɗiyan, aka cuɗa su da na ubangidansa suka zama waƙa ɗaya, to ana iya cewa aikin haɗin gwiwa ne. A irin wannan, shekara 70 ɗin ba daga rasuwar jagora ake fara ƙirga su ba, daga rasuwar wanda ya yi saura a cikinsu ne. In Baba ne na ƙarshe, waƙoƙin da ya sa hannu a cikinsu za su kai ƙarshen 2078, kuma magadansa suna da rabo. Wahalar ita ce shaida. Takardar faifai sunan jagora kawai take ɗauka. Sai a nemi hirar da aka taɓa yi da shi ko da ubangidan, ko littafin wani manazarci da ya zauna da su, ko sauran 'yan ƙungiyar da ke raye. In akwai tsohon da ya san wane ɗa na wane ne, a ɗauki maganarsa yanzu.

Malam Lawal Mai Kaset: Hajiya, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, ba don in rage wa mahaifinki daraja ba. A al'adar kiɗan fada waƙa ta uban kiɗi ce. Shi ake kira, shi ake ba doki da riga, shi yake raba wa yaransa. Ɗan amshi ya san da haka ya shiga. In yau aka ce kowane mai ƙari yana da kaso, ba waƙar fada ɗaya da za a iya ba da izininta, don sai an tara jikokin mutum 8 ko 10. Kai, wasu ma za su ce waƙar ta sarkin da aka yi wa ce, tunda ya biya.

Hajiya Rabi: Baba Lawal, rabon da ake yi musu na ranar ne, na abin da aka samu a wurin. Ba wanda ya zauna da su ya ce muryarku za ta yi ta yawo shekara 50 ana cin kuɗi da ita. Da ubangidan yana raye na tabbata ba zai ci shi kaɗai ba, don bai taɓa yi ba.

Barista Hadiza: Batun sarki dai a ajiye shi. Kyauta ba saye ba ce, kuma sayar da haƙƙin mallaka ba ya inganta sai a rubuce. Doki da riga ba su mayar da waƙa ta zama ta wanda aka wasa ba. Amma abin da Baba Lawal ya faɗa game da al'ada, lauyan ɗaya ɓangaren zai kawo shi, zai ce kowa ya shiga ne a kan fahimtar cewa aikin na jagora ne. Ba zan ce miki za ki yi nasara kai tsaye ba, Hajiya. Zan ce kina da maganar da ta isa a saurara, kuma zama da iyalin makaɗin ya fi kotu kusa.

Isuhu Maraɗi: Sannunku. Mu nan Nijar lissafin ba ɗaya ba ne da naku. Dokarmu shekara 50 ta ce bayan rasuwar mai waƙa, kuma BNDA ce ke kula da karɓar kuɗin mawaƙa. Ga shi Shata ana jin sa a Maraɗi da Damagaram kamar a Katsina. Ke nan zai riga fita a wurinmu?

Barista Hadiza: Haka ne, Malam Isuhu, kowace ƙasa da nata ma'aunin, kuma dokar inda ake amfani da waƙar ita ake bi. A lissafin 50, 1999 ta kai ka ƙarshen 2049. Wannan ne ma ya sa intanet take rikita mutane. Birtaniya da Tarayyar Turai sun ɗaga wa'adin naɗin sauti daga 50 zuwa 70 a 2013. A Amurka naɗin da ya fito a 1973 yana iya kaiwa shekara 95, wato ƙarshen 2068. Wa'adin naɗin faifan Malam Sani ya ƙare a Kano, amma fim ɗin da aka ɗora a intanet ba a Kano kaɗai ake kallonsa ba.

Auwal Zariya: To wannan ya bayyana mini abin da ya same ni. Na sa wani tsohon kiɗa na shekarun 1960 a bidiyon bikin ƙanwata, na ɗora a wani dandali, cikin awa guda aka kashe sautin, wai wani kamfani ne mai shi. Na yi ta mamaki, abin da ya haura shekara 50.

Nura Mai Sauti: Daga ina ka samo sautin? In daga sabon fitarwa ne da aka wanke aka cire ƙarar allura, to shi na'urarsu ta gane. Na'urar ba ta ƙirga shekaru, sauti take kwatantawa da wanda aka ba ta ajiya. Akwai wurin da ake ƙalubalantar ƙorafin, amma sai kana da hujja. Shi ya sa nake ce wa yarana su ɗauko daga ainihin faifan, su ɗauki hoton takardar tsakiya inda shekara da lambar faifan suke.

Barista Hadiza: Wannan shawara ce mai kyau, Nura. In ƙara da abu ɗaya: Auwal, kafin ka ƙalubalanta ka duba a kan me aka yi ƙorafin, naɗin ko waƙar. In a kan waƙar ne kuma mai ita bai shekara 70 da rasuwa ba, su ke da gaskiya.

Bashir Funtuwa: To ni yanzu na rasa gane me ya rage. Ba abin da mutum zai ɗauka kyauta ke nan? Waƙoƙin gaɗa fa, da na daɓe, da na tashe, waɗanda ba wanda ya san mai su?

Barista Hadiza: Akwai na kyauta. Waƙoƙin Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ba mai tambayarka izini a kan baitocinta, sai dai in fassarar wani ko naɗin wani na kwanan nan ka ɗauka. Su kuwa na gaɗa da daɓe da tashe, doka ta sa su a wani aji dabam na kayan gargajiya, kuma wannan ajin ba shi da ranar ƙarewa. Hukumar kula da haƙƙin mallaka ta Najeriya, NCC, ce ke riƙe da su a madadin al'umma. 'Yan mata su yi gaɗarsu a dandali, malami ya koyar, mawaƙi ya ari wani yanki ya gina sabuwar waƙarsa a kai, duk an yarda. Amma ka kwashe su ɗungurungum ka yi kasuwanci da su, wannan sai ka nemi izinin hukumar.

Sani Mai Kyamara: Ranki ya daɗe, to ni yanzu me zan yi a aikace? Ina son waƙar nan, ba wadda ta dace da fim ɗin kamarta.

Barista Hadiza: Ka fara da gano wanda iyalin suka wakilta a kan waƙoƙin, kada ka tsaya a kan mutum ɗaya da ya ce maka shi ɗa ne ko jika. Haƙƙin mallaka dukiya ce da ake gada kamar sauran dukiya, magada kuma suna da yawa. Ka tambaye su ko an taɓa sayar da haƙƙin wannan waƙar ga wani kamfani, don in an sayar, can za ka nufa. Ƙungiya irin MCSN, mai karɓar wa mawaƙa kuɗin haƙƙinsu, tana iya taimaka maka da sanin wanda ke riƙe da ita. In kun daidaita, a rubuta: sunan waƙar, minti nawa za ka sa, a wane fim, a ina za a nuna shi, har da intanet, na shekara nawa, da nawa ka biya. Wakilin ya sa hannu da shaidu. Ka sa sunan Shata a rubutun ƙarshen fim. Sautin kuma ka ɗauko daga faifan kawunka kamar yadda Nura ya ce, ka adana hoton takardarsa.

Sani Mai Kyamara: Na rubuta duka. Gobe zan kai faifan wurin Nura a juye shi, sannan in fara neman wakilin iyalin. Baba Lawal, ko ka san wanda zai haɗa ni da su?

Malam Lawal Mai Kaset: Akwai wani tsohon abokin sana'ata a Funtuwa da ya san gidan. Zan kira shi da yamma, in ya amince in turo maka lambarsa ta akwatinka. Hajiya Rabi, ke ma in kina so, na san wani dattijo da ya yi kiɗa a ƙungiyoyin fada a zamanin mahaifinki, yana nan da ransa da hankalinsa. Ban sauya ra'ayina ba, amma a ji ta bakinsa.

Hajiya Rabi: Ina so ƙwarai, Baba. Ka tambaye shi ranar da zai iya karɓar baƙi, zan zo da ɗana ya riƙe na'urar ɗauka.